Hajiya za ta taso daga Zariya da safe, ni kuma aiki bai haɗu ba

Telan Fagge (Litinin, 8:35 na dare)
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa, kaina ya ɗaure. Akwai wata Hajiya mai makarantar kuɗi a Zariya, mun yi da ita za ta zo shagona gobe Talata ƙarfe 11 na safe ta duba samfurin yunifom kala uku, in ya yi mata ta ba ni ɗinkin saiti 240 kafin a koma hutu. Kusan wata biyu ina bibiyar aikin nan. To yau da la'asar aka kawo wuta da ƙarfi, allon injin monogiram ɗina ya ƙone. Rigunan an ɗinke su tsaf, amma ko ɗaya babu tambarin makarantar, kuma tambarin ne abin da za ta taso ta gani, don wanda ya yi mata bara zarensa zuba ya yi tun wankin farko. Mai gyara ya ce sai gobe da yamma zai leƙo. Yaya zan ɗaga zaman nan ba tare da na ɓata da ita ba? Sa'ar mahaifiyata ce, sau biyu kacal muka taɓa magana.

Ɗan Kwari
Wa'alaikumus salam. Kai ma dai da tsoro. Ka rabu da ita ta zo mana. In ta zo ka sa a kawo lemo mai sanyi, ka baje mata yadi, ka nuna mata ɗinkin, tambari ka ce yana hanya. Kwastoman da ya zauna a bencinka ya riga ya zama rabin naka. In ka ce kada ta zo, ka sani ko gobe wani telan Sabon Garin Zariya zai shige maka gaba?

Maman 'Yan Biyu
Haba Ɗan Kwari. Mace ta baro Zariya da sassafe a daminar nan, ta sha hanya awa biyu ko fiye, ta zo a ba ta lemo? An taɓa yi min irin haka, har yau in na tuna raina sai ya sosu. Mai yi min kayan gadon ƙanwata ya ce in zo in gani, na taso tun daga Gwarzo, na tarar ko fenti ba a fara ba. Da na ce me ya hana ka kira ni, sai ya ce wai kunya ya ji. Kuɗin motata da wunina kuma fa? Ban yi masa faɗa ba, amma na karɓi kuɗin kafin alƙalamina, kuma mutum huɗu na hana zuwa wurinsa bayan nan.

Tsohon Sakatare
Ɗana Tela, kafin mu shiga me za ka ce, duba agogo. Shekaruna da yawa ina riƙe da littafin ganawar manya a ofis, kuma abin da na koya shi ne, ɗaga zama yana da wa'adi, wa'adin kuma shi ne lokacin da mutum ya fara shiri, tun kafin ya fito. Wadda za ta iso Fagge ƙarfe 11 daga Zariya za ta bar gida wajen ƙarfe 8, in ta lissafa cunkoson shigowa gari. Ke nan tun daren nan ta gaya wa direba, watakila an sha mai, watakila ta ɗaga wani abin nata na goben saboda kai. Kowace awa da ka ƙara, asararta ƙaruwa take.

Yanzu tara saura. An idar da isha'i, ba a kwanta ba. Kana da kamar minti arba'in da za ka kira dattijuwa ba a ce ka yi rashin ɗa'a ba. In ka wuce tara da rabi ka shiga lokacin da ba a kiran matar mutane, sai dai ka jira bayan asuba, a lokacin kuma ka riga ka ci mata dare guda da za ta iya sake tsari. Kira za ka yi da bakinka. Amma kada ka danna lambar sai ka riƙe ranaku biyu a hannu waɗanda ka tabbata ba za su sake rushewa ba. Ka ba wa wannan minti goma.

Ɗan Kwari
To in dai sai an ɗaga, ka ce mata rasuwa aka yi muku, za ka jana'iza da safe. Babu Bahaushen da zai yi fushi da wannan. Har addu'a za ta yi maka.

Malamar Islamiyya
Subhanallah. Kada ka soma. Ban da zunubin, ka duba abin da zai biyo baya: za ta tambaye ka wa ya rasu, za ta yi maka ta'aziyya, ranar da kuka haɗu za ta sake yi, watakila ma ta ce tunda tana da shigowa Kano bari ta biyo gidan gaisuwa. Sai ka nemo mata gawa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ranar da rasuwar gaske ta same ka, da wane baki za ka faɗa?

Ɗan Kwari
Malama wasa nake, Allah ya ba ki haƙuri. Amma ki yarda da ni, in ya ce injinsa ya ƙone, abin da za ta ji shi ne: yaron nan inji ɗaya gare shi, in na ba shi saiti 240 ya sake ƙonewa fa? Gaskiyar ma tana da tsada a kasuwa.

Tsohon Sakatare
A nan Ɗan Kwari yana da magana, ba zan ƙi ba. Shi ya sa ba a faɗin matsala tsirara, sai an haɗa ta da abin da aka yi a kai. Tela, tambaya: a duk Fagge babu wani mai injin monogiram da kuke mutunci? Zanen tambarin yana cikin injin kaɗai ko kana da shi a filashi?

Telan Fagge
Baba yana cikin filashi, har a kwamfuta akwai. Akwai wani abokina a layin bayanmu, injinsa mai kai biyu ne. Na kira shi yanzu, ya ce gobe yana da aikin hulunan wata ƙungiya har dare, amma Laraba da safe zai buga min guda ukun, ba zai kai awa ɗaya ba. Mai gyara kuma ya rantse Laraba injina zai tashi.

Tsohon Sakatare
Ajiye rantsuwar mai gyara gefe, kada ka ɗora alƙawarin Hajiya a kanta. Bai ma buɗe injin ba tukuna, bai san ko allon yana samuwa a Kano ko sai an aiko daga Legas ba. Lissafinka ya tsaya a kan abokinka. Shi ma ya ce Laraba da safe, to kai ka ɗauka Laraba da yamma. Saboda haka kada ka ce wa Hajiya Laraba. Ranarka ta farko Alhamis ce. Ɗagawar farko ana yafewa, kowa uzuri yana samunsa. Ta biyu ita ce ke kashe aiki, don daga nan mutum ya yanke cewa halinka ne. Gara ka ba ta rana mai nisa kaɗan da za ta tsaya, da ka ba ta jibi don ka burge ta sannan ka sake kira kana kame-kame.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar maganar: kai ka rushe, kai za ka ɗauki hanya. Kada ka ce ta sake zuwa Kano. Ka ce za ka kawo mata kayan har makaranta. Wannan kaɗai ya fi haƙuri goma.

Ɗalibin Samaru
Salam. Ni abin da nake yi mai sauƙi ne. In a Google Calendar kuka saka zaman, kada ka goge shi, ka buɗe ka canza rana da lokaci kawai ka adana, zai tambaye ka ko ya aika wa waɗanda aka gayyata sanarwa, ka amince. Haka mahaɗin Meet ɗin ma ba zai canza ba. In ka goge, saƙon sokewa ne zai je mata babu sabuwar rana.

Maman 'Yan Biyu
Ƙanena ka karanta daga sama kuwa? Hajiya ce za ta taso a mota ta taɓa yadi da hannunta. Wane Meet?

Ɗalibin Samaru
Kai, afuwan Anti, daga tsakiya na shigo. Amma dai ƙarshen maganata yana nan: kada sokewa ta tafi ita kaɗai babu sabuwar rana a jikinta.

Telan Fagge
Ga abin da na rubuta, in karanta mata ko in tura, ku duba min:

"Salam Hajiya, barka da dare, ya gida ya iyali. Don Allah Hajiya ki yi haƙuri wallahi wani ɗan uzuri ne ya taso min, ban sani ba ko zai yiwu mu ɗan duba maganar goben nan. In ba damuwa ko zuwa ƙarshen sati ko wani satin, duk lokacin da kika samu dama in sha Allah. Na gode sosai, a yi haƙuri don Allah."

Tsohon Sakatare
Ladabi ya yi, amma ka sake karantawa kamar kai ne ita. Shin an fasa goben ko ba a fasa ba? "Mu ɗan duba maganar" ba ta ce kada ta taso ba. Mai karanta wannan zai iya cewa to bari in je mu duba ɗin. Jimlar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ka ɓoye saboda kunya. Dole a ji ta ƙarara: gobe ba zai yiwu ba, kada ki taso.

Sai "ƙarshen sati ko wani satin". Wannan ba rana ba ce, aiki ka ba ta. Yanzu ita za ta zauna ta duba ranakunta, ta zaɓa, ta kira ka, kai kuma watakila ka ce ai ranar ba ka nan. Ka mayar da ita sakatariyarka bayan ka ɓata mata shiri. Kowane zaɓi ya zo da abu huɗu: sunan rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina. Kwanan watan ba ado ba ne. "Alhamis mai zuwa" na sha ganin ta raba mutane, ɗaya yana nufin ta gata, ɗaya yana nufin ta sama.

Ga yadda zan faɗa in ni ne, bayan gaisuwa:

"Hajiya, na kira ne tun da dare don kada ki taso gobe. Zamanmu na ƙarfe 11 ba zai yiwu ba, kuma daga wajena matsalar take. Ɗinki ya kammala, amma injin tambari ya samu matsala yau, ban so ki sha hanya ki tarar da rabin aiki. Na riga na shirya inda za a buga shi ranar Laraba. Tunda ni na jawo, ni zan kawo miki har makaranta. Ko Alhamis 25 ga wata ƙarfe 11 na safe, ko Asabar 27 ga wata ƙarfe 10. In duka ba su yi miki ba, ki faɗi ranar da ta yi, zan zo. Ki yi haƙuri da ɓata miki shiri."

Haƙuri sau ɗaya, a ƙarshe, kuma ka ambaci abin da kake ba da haƙuri a kansa. In ka jera shi sau biyar sai ta koma ita ke lallashinka.

Direban Unguwa Uku
Baba Sakatare a gafarce ni, akwai gyara. Asabar 27 ita ce ta ƙarshen wata. Ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ba fita daga 7 zuwa 10 na safe. Ta ina zai isa Zariya ƙarfe 10? Sai dai ya bar gari tun da asuba, motar haya kuma ba lallai ta cika a lokacin ba. In ya jira aka buɗe hanya, kowa a lokacin yake fitowa, kafin mota ta cika a wuce Na'ibawa sha ɗaya ta yi. Kwangila sai wajen ƙarfe ɗaya, in ruwa bai tare ku a Kwanar Ɗangora ba. Ya ce mata ƙarfe 2 ya fi masa kwanciyar hankali.

Tsohon Sakatare
Ka ga amfanin jama'a. Na manta shaf, mu da muka yi ritaya duk Asabar ɗaya ce a wurinmu. Allah ya yi maka albarka. Tela, mayar da ita 2 da rabi, ka samu ka yi azahar a hanya. Hakan ma ya fi, don zaɓin ya zama ɗaya da safe ranar aiki, ɗaya da rana a ƙarshen mako. In ka ba mutum safiya biyu alhali safiyarsa ce a cike, zaɓi ɗaya ka ba shi.

Hajiyar Kaduna
Ni fa ina da ja a nan. Ku maza 'yan boko kuna son komai a jere kamar jadawalin jarrabawa. Matar nan ta haife shi. Yaro ya ɓata min shiri, sannan ya kira ya ce "ko Alhamis ko Asabar", kamar shi ne likita ni ce mai neman layi? Ni a tarbiyyar da na sani, ƙarami cewa yake, Hajiya duk ranar da kika ce, ni mai zuwa ne. Babba shi ke yanka rana.

Maman 'Yan Biyu
Hajiya ina jin ki, amma in ta ce to gobe da yamma ka kawo min fa? Ko Laraba da safe? Ya riga ya ce duk ranar da ta ce. Sai ya sake cewa ba zai yiwu ba, ƙi biyu ke nan a waya ɗaya.

Hajiyar Kaduna
To sai ya ce daga Alhamis zuwa sama duk ranar da kika ce. Shi ke nan ya kare kansa bai kuma yi mata iyaka ba.

Tsohon Sakatare
Hajiya, wannan ba laifi, kuma na yarda harshe yana da muhimmanci. Abin da na gani dai a aiki shi ne, manya sun fi kowa ƙin a bar musu fili. In ka ce wa babba duk ranar da ka ce, amsarsa ita ce "to, zan neme ka", kuma ba zai neme ka ba, ba don mugunta ba, abubuwa ne suka yi masa yawa. Sati biyu su wuce, kai kana jin nauyin tunatarwa, shi ya manta. Tela kuma ba shi da sati biyu, Satumba ta ƙarato, saiti 240 ba a kwana uku ake ɗinka su ba. In ka ambaci rana, ko bai karɓa ba zai ce a'a sai dai kaza, magana ta tsaya a kan wata ranar.

Sai dai a sauya yadda za a furta. Maimakon "zaɓi ɗaya", ya ce: "In kin ba ni izini zan zo Alhamis ƙarfe 11, in kuma Asabar ta fi miki sauƙi, 2 da rabi ina ƙofar makaranta. Amma yadda kika ce haka za a yi." Rana ta fito, hukunci yana hannunta.

Hajiyar Kaduna
Da "in kin ba ni izini" ɗin ya fi daɗin ji. Amma ni har yanzu da zai bar ta ta fara magana. Kowa da irin gidan da ya taso.

Baƙon Kumasi
Gaisuwa daga Zongo. Tunda ana maganar faɗin lokaci, bari in ƙara nawa ko zai amfani wani. Ni goro nake turawa arewa, yawancin zamana da mutanen Kano a waya ne. Na taɓa ɗaga magana da wani Alhaji na ce masa ƙarfe 4, ni ina nufin namu, shi ya ɗauka nasu. Ghana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, ƙarfe 4 ɗinmu biyar ɗinku ce. Ya zauna jirana awa guda, bayan kuma ni na ɗaga tun farko. Tun daga nan nake rubuta "4 agogon Najeriya". Masu hulɗa da Saudiyya su ma su kula, suna gabanku da awa biyu. Wani abin kuma "daren Alhamis". Wani in ya faɗa yana nufin daren da za a wayi gari Alhamis, wato Laraba da dare. Ni yanzu "Alhamis bayan isha'i" nake cewa.

Telan Fagge (9:12)
Na kira sau biyu tana ringin ba a ɗauka ba. In yi mata saƙon murya?

Ɗalibin Samaru
Yi rubutu tukuna. Saƙon murya sai an buɗe an saurara, tana iya ganinsa ta ce sai da safe, da safen kuma tana mota. Rubutu kuwa layin farko yana fitowa a fuskar waya ko ba ta buɗe ba. Don haka kada ka cika layin farko da gaisuwa, sallama kawai sai "don Allah kada ki taso gobe". Ka tura a WhatsApp ka kuma tura tes na layi, don in datarta a kashe take alama ɗaya za ka gani, bai shiga wayarta ba ke nan. Alama biyu ya shiga, amma ba shaidar ta karanta ba ce, wasu kuma sun kashe shuɗiyar alamar da ke nuna an karanta gaba ɗaya.

Tsohon Sakatare
Yaron nan ya fanshi kansa. Haka za ka yi. Kuma ka riƙe wannan: muddin ba ta amsa da bakinta ko da rubutunta ba, zaman yana nan. Kada ka kwanta ka ce ai na tura. In shiru ya kai safe, ka kira 6 da rabi. In har ba ka same ta ba, ƙarfe 11 ta same ka a shago da wankakkiyar riga. Kada ka ƙara kira yanzu, biyu sun isa, na uku a daren nan tsoratarwa ne. Wa ya haɗa ka da ita?

Telan Fagge
Wani malami ne a makarantar, ɗan unguwarmu. Wallahi na manta da shi, kuma ina jin tare za su zo.

Tsohon Sakatare
To ka ga. Kira shi yanzu, shi namiji ne kuma tsaranka, ko goma ta wuce babu laifi. Amma ka roƙe shi kada ya isar maka da saƙo a matsayin ɗan aike, sai in an kai safe ba a same ta ba. Daga bakinka ya kamata ta fara ji. Shi kuma ka ba shi nasa haƙurin daban, don shi ya tsaya maka, fuskarsa ce a ciki.

Ɗan Kwari
Duk wannan wahalar a kan tambari uku. Ni da tuni na yi barci.

Maman 'Yan Biyu
Shi ya sa kai yadi kake aunawa, mai saye ya biya ya tafi. Shi alƙawari yake sayarwa.

Telan Fagge (9:41)
Alhamdu lillahi ta kira da kanta, ta ce tana lazimi ne wayar na ɗaki. Na faɗa mata kamar yadda Baba ya tsara, da "in kin ba ni izini" ɗin Hajiyar Kaduna. Ta yi shiru kaɗan, gabana ya faɗi. Sai ta ce, "To ai ka kyauta da ka faɗa tun yanzu." Amma ba ta yi dariya ba, muryarta dai ba irin ta ranar farko ba ce. Ta tambaye ni inji nawa gare ni, na ce na tambari ɗaya ne, kekunan ɗinki shida, kuma akwai inda nake kai wa in nawa ya tsaya. Ta ce hmm.

Asabar ta ce suna da biki. Alhamis da safe kuma tana ganawa da iyayen sababbin ɗalibai, sai dai bayan azahar. Na ce to. Sannan ta ce goben ma za ta shigo Kano duk da haka, don dama tana da sayayya a Kwari kuma ta riga ta sallami direba da kuɗin mai, in ta samu sarari za ta biyo ta ga yadin.

Ɗan Kwari
Me na ce muku? Tambayar inji nawa ɗin nan, ita na hango tun ɗazu. Da bai ambaci inji ba da ba ta taso ba. Kuma ga shi zuwan ma za ta yi.

Malamar Islamiyya
Za ta zo tana sane da abin da za ta tarar. Da ta zo ba ta sani ba, tambayar da za ta yi ta fi wannan zafi.

Hajiyar Kaduna
Kun ga dai a ƙarshe ita ta yanka lokacinta, ba 11 ɗinku ba, ba Asabar ɗinku ba.

Tsohon Sakatare
Ta yanka a kan Alhamis ɗin da aka ajiye mata a gaba, Hajiya. Amma mu bar wannan, ba za mu shirya ba yau.

Tela, saura abu biyu kafin ka kwanta. "Bayan azahar" ba lokaci ba ne tukuna. Wani masallacin ɗaya da rabi suke yi, wani sai biyu ta wuce, bayanta kuma ya miƙe har la'asar. Ka tura mata gajeren rubutu yanzu, ba tambaya ba, tabbatarwa: "Na gode Hajiya. Kamar yadda kika ce, Alhamis 25 ga wata, zan iso makaranta ƙarfe 2 da rabi da samfuri uku, in Allah ya yarda." In 2 da rabi bai yi mata ba za ta gyara. Laraba da yamma, da zarar tambarin ya fito, ka ɗauki hotonsa ka tura mata da layi ɗaya cewa gobe kana tafe. Kada ka sake ba da haƙuri a ciki, an wuce wurin.

Na biyu, "in na samu sarari zan biyo" ɗin nan, ka ɗauke shi kamar tabbas. Gobe kada ka matsa daga shago, ko mai gyara ya ce ka raka shi sayen allo, ka tura yaro. Ka goge rigunan uku ka rataye, ka sa a share wurin.

Direban Unguwa Uku
Alhamis in 2 da rabi ne, ka kasance a tasha goma da rabi, kada ka ce sha biyu. Ka sa kayan a leda mai kauri ka riƙe a cinyarka, kada ka bari a jefa su but tare da buhunan mutane. Wace unguwa makarantar take? In wajen Samaru ce Kwangila za ka sauka, in cikin birni ce akwai sauran tafiya, ka ƙara rabin awa.

Telan Fagge
Wajen Tudun Wada ta ce. Na tura rubutun, ya nuna alama biyu, ba ta amsa ba tukuna. Malamin kuma wayarsa a kashe, zan neme shi bayan asuba. Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, in ta biyo goben, in sake tayar da maganar injin ko in bari sai ta tambaya?

Ɗan Kwari
Ka lulluɓe shi da zani.

Tsohon Sakatare
Ka bari ta tambaya. In ta tambaya, ka kai ta layin baya ta ga injin abokin naka yana aiki.